Yadda jimloli ke kama juna a sakin layi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai, sakatarorin ƙungiyoyi da masu rubuta labarai a nan Damagaram suka fi kawowa idan aka zo maganar gyaran rubutu. Mun ɗauki sakin layi guda, mun bi shi tun yana warwatse har ya haɗu, domin a ga aikin da ido. Misalan duka mu muka ƙirƙira su don koyarwa.

Malam ya mayar mini da takardata, ya ce sakin layina a warwatse yake, alhali ba kuskuren nahawu ko ɗaya. Me yake nufi?

Yana nufin kowace jimla tana tsaye da ƙafarta, amma ba wadda ta kama hannun ƴar'uwarta. Duba wannan sakin layi, irin wanda sakataren ƙungiyar manoma zai iya sawa a rahotonsa:

"Ƙwari suna ɓata wake ƙwarai bayan girbi. Leda biyu masu kauri da buhun saƙa ɗaya ne ke cikin buhu mai ninki uku. Iska ba ta shiga. Manoman Magarya da yawa suna sayar da wakensu da arha a lokacin kaka. Numfashi ƙwari suke bukata. Haka kuma ba a sa magani."

Jimla shida ce, kuma kowace gaskiya ta faɗa. To amma ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka buɗe kowace: ƙwari, leda biyu, iska, manoman Magarya, numfashi, haka kuma. Buɗewa shida, batu shida. Duk lokacin da mai karatu ya shiga sabuwar jimla sai ya tarar da baƙon abu a bakin ƙofa, dole ya dakata ya tambayi kansa: wace leda? Iska ba ta shiga ina? Me ya kawo manoman Magarya nan? Wanda ya rubuta ya san amsoshin, shi ya sa ba ya ganin giɓin. Mai karatu kuwa abin da ke kan takarda kawai yake da shi.

Abu uku suka rasa a nan. Babu jimlar da ta faɗi inda aka dosa, wato jimlar jigo. Ba a jera bayanin daga sananne zuwa sabo ba. Kalmar haɗi guda ɗaya da aka sa, "haka kuma", ba ta faɗi gaskiyar dangantakar ba, domin rashin sa magani sakamako ne na abin da ya gabata, ba ƙarin bayani ba ne.

Mece ce wannan ƙa'ida ta "daga sananne zuwa sabo"?

A taƙaice: buɗe jimla da abin da mai karatu ya riga ya ji, ka rufe ta da abin da bai ji ba tukuna. Farkon jimla wurin ɗaura ta ne da abin da ya wuce. Ƙarshenta wurin sauke sabon kaya ne, kuma a nan murya ke ɗan tsayawa, a nan hankali ke riƙe abu. Wanda ya taɓa ganin mai tufkar igiya ya san yanayin: ba ya bari tsohon zare ya ƙare kafin ya cusa sabo, sai ya murɗe su tare, shi ya sa ba a ganin mahaɗar.

Ga sakin layin nan bayan gyara:

"Buhu mai ninki uku yana ba manomi damar ajiye wakensa har farashi ya tashi, ba tare da ya sa magani ba. Abin da ke hana ajiyar tun asali shi ne ƙwari, waɗanda ke biyo waken daga gona su ci gaba da hayayyafa a rumbu. Tsoron ƙwarin nan yakan sa manoman Magarya da yawa su sayar da wakensu da arha a lokacin kaka. Su kuwa ƙwarin, kamar kowane mai rai, sai da iska suke rayuwa. Iskar ce buhun yake yanke musu: leda biyu masu kauri ne a ciki, kowace an ɗaure bakinta daban, sannan buhun saƙa a waje yana kare su daga yagewa. Idan aka ɗaure ledojin da kyau, ƙwarin sukan cinye ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Shi ya sa ba a bukatar magani."

Yanzu sake jan layi ƙarƙashin mabuɗan. Jimla ta biyu ta buɗe da "ajiyar", wadda ta farko ta kawo. Ta rufe da ƙwari, sai ta uku ta buɗe da "tsoron ƙwarin nan". Ta huɗu ta sake ɗauko ƙwarin, ta rufe da iska. Ta biyar ta buɗe da "iskar", ta kawo leda. Ta shida ta buɗe da "ledojin". Ta ƙarshe ta koma ga maganin da aka ambata tun a farko. Lura cewa kusan ba a ƙara sabon bayani ba, kuma kalmomin haɗi ba su yi yawa ba. Aikin da aka yi shi ne sauya wa bayanin wuri, da ƙara ƴan jimlolin da marubucin ya bari a cikin kansa.

Ba ra'ayin malamai ba ne kawai. Masana harshe na birnin Prague, tun daga Vilém Mathesius, sun daɗe da nuna cewa jimla tana da mafari wanda ake ɗorawa a kai da kuma abin da ake faɗa game da shi. A 1974 Susan Haviland da Herbert Clark sun auna lokacin da mutane ke ɗauka kafin su fahimci jimla, suka ga yana ƙaruwa idan jimlar ta ambaci abu kamar sananne alhali ba a gabatar da shi kai tsaye ba, domin sai mai karatu ya gina gadar da kansa. Jinkirin ƙanƙane ne a jimla guda, amma idan ya taru a shafi sai mutum ya gaji bai san dalili ba.

Wane kayan aiki Hausa ke da shi na nuna sabo da sananne?

Tana da su da yawa, kuma muna amfani da su a baki kullum ba tare da tunani ba. A rubuce ne ake sakin su.

Na farko shi ne wani, wata, wasu, tare da ɗafa -n ko -r a ƙarshen suna. Abu yakan shigo da "wani" ko "wata", daga nan sai ya ɗauki -n ko -r: "Wata mota ta tsaya a bakin Kasuwar Dole. Motar cike take da buhunan gero." Wannan ƙaramin harafi yana ce wa mai karatu, ka san ta, ita ce ta ɗazu. Kuskure iri biyu ake yi da shi. Wani yakan rubuta "motar" tun a ambaton farko, sai mai karatu ya koma baya yana neman inda aka yi maganar mota, bai samu ba. Wani kuma yakan sake cewa "wata mota" a jimla ta uku, sai a zaci ta biyu ce ta iso. Idan kalmar ba ta karɓar ɗafin da daɗi, kamar baƙin kalmomi da lambobi, akwai "ɗin": "buhu goma ɗin". Idan kuma an ɗan yi nisa da ambaton farko, ƙara "nan": "ƙwarin nan".

Na biyu shi ne ciro abu a kawo shi gaba a matsayin abin da za a yi magana a kansa, sau da yawa tare da kuwa, dai, kam ko ma. "Su kuwa ƙwarin, sai da iska suke rayuwa." "Gero dai an sayar da shi, wake kuwa an ajiye shi." Wannan hanya tana ba ka damar buɗe jimla da sanannen abu ko da ba shi ne mai aikatawa ba. "Kuwa" ta fi kowace amfani wajen juyawa daga wani sanannen abu zuwa wani sanannen, "ma" tana cewa shi ma haka, "dai" tana tsayar da hankali a kan abin kafin a ci gaba.

Na uku shi ne an, aka, ana, ake. Idan mai aikatawa ba shi da muhimmanci, kada ka sa shi a bakin jimla ya tare hanya. A sakin layin da ke maganar leda, "Idan aka ɗaure ledojin" ya fi "Idan manomi ko matarsa ko yaronsa ya ɗaure ledojin". Masu fara rubuta daftari da Faransanci kafin su mayar da shi Hausa su kula da nan musamman. Faransanci yana juya jimla ya kawo abin da aka yi wa aiki gaba ta hanyar sauya siffar aikatau. Mu ba mu bukatar kwaikwayon wannan gini. Ciro abin ka sa shi gaba, ka bi shi da "an": "Rijiyar kuwa, an haƙa ta bara."

To ai muna cewa "Audu ne ya zo", sabon bayani yana gaba. Wannan bai karya ƙa'idar ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne wanda ya haddace ƙa'idar kawai yake tuntuɓe. Hausa tana da gini na musamman na ƙarfafa abu guda: a kawo shi gaba, a bi shi da ne ko ce, sannan aikatau ya sauya siffa, "sun zo" ya koma "suka zo", "yana yi" ya koma "yake yi". Ginin yana aiki ne idan sauran jimlar sananne ne. "Audu ne ya zo" amsa ce ga wanda ya riga ya san wani ya zo, yana son ya san ko wane ne.

Saboda haka kafin ka yi amfani da shi, tambayi kanka: shin mai karatu ya san abin da ke bayan ne ko ce? Ɗauki wannan: "A 1926 ne aka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai." Jimlar ta dace idan an riga an faɗa cewa an yi ƙaurar, abin da ya rage shi ne shekarar. Idan kuwa ita ce ta buɗe sakin layin ga wanda bai san tarihin ba, sai ta zama kamar amsar tambayar da ba wanda ya yi. A nan gara a ce: "Damagaram ce babban birnin Nijar daga 1911, a zamanin mulkin Faransa. An mayar da babban birnin Yamai a 1926."

A sakin layinmu na wake, "Iskar ce buhun yake yanke musu" ta zauna daidai domin iska da buhu da ƙwari duk an ambace su, ginin yana nuna ne kawai cewa wannan, ba wani abu ba, shi ne sirrin. "Numfashi ƙwari suke bukata" ta tsohon rubutun kuwa ta faɗo ne ba shiri. Shawararmu ita ce kada ginin ya wuce sau ɗaya ko biyu a sakin layi. Idan kowace jimla tana da ne ko ce na ƙarfafawa, sai rubutun ya yi kama da gardama, kuma ba a gane wanne ne ainihin abin da ake son a riƙe.

Yaya ake rubuta jimlar jigo mai aiki?

Jimlar jigo tana da sassa biyu: abin da ake magana a kai, da abin da kake cewa game da shi. Yawancin masu koyo sashe na farko kawai suke kawowa. "A wannan sakin layi za mu yi magana a kan buhu mai ninki uku" sanarwa ce, ba ta ce kome ba, kuma kowace irin jimla za ta iya biyo bayanta. "Buhu mai ninki uku yana ba manomi damar ajiye wakensa har farashi ya tashi, ba tare da ya sa magani ba" ta yi alkawari iri uku: ajiya, farashi, rashin magani. Mai karatu zai jira ka cika su, kai kuma ka sami ma'aunin da za ka auna kowace jimla da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. Bayan ka rubuta jimlar jigon, duba ko mutum zai iya tambayar ka "ta yaya?" ko "don me?" Idan zai iya, sauran sakin layin amsar ce. Idan ba abin tambaya, jimlar ta yi faɗi da yawa, kamar "Noma yana da muhimmanci", ko kuma ta yi ƙanƙanta, kamar "Buhun yana da leda biyu", wadda hujja ce, ba jigo ba.

Sannan ka tabbata manyan kalmomin jimlar jigon sun sake bayyana a ƙasa. Idan ka ce farashi a sama, a nemi farashi ko arha ko sayarwa a ciki. Idan ba a samu ba, ko dai ka cire shi daga jimlar jigon, ko ka ƙara jimlar da ta cika alkawarin.

Dole ne ta zo a farko?

Ba dole ba ne. Richard Braddock ya bincika rubuce-rubucen ƙwararrun marubuta a 1974, ya tarar kashi 13 cikin ɗari ne kawai na sakin layukansu na bayani suka buɗe da jimlar jigo. Ƙwararre yakan jinkirta ta zuwa ƙarshe idan yana son hujjoji su fara shirya mai karatu, misali a wasiƙar neman taimako inda ake fara bayyana halin da ake ciki kafin a faɗi bukata. A labari kuwa sau da yawa ba ta nan sam, jerin abin da ya faru ne ke riƙe da sakin layin.

Duk da haka, ga mai rubuta jarrabawa, rahoto ko sanarwa, muna cewa a sa ta a jimla ta farko ko ta biyu. Mai duba takardu masu yawa da shugaban da ke karanta rahoto a tsaye duka farkon sakin layi suke fara kallo. Wanda bai iya rubuta ta a fili ba tukuna, bai kai lokacin ɓoye ta ba.

Shin kullum ƙarshen jimla ne zai zama farkon ta gaba?

A'a. František Daneš ya bayyana manyan hanyoyi uku a 1974, kuma sanin su yana hana rubutu zama iri ɗaya.

Hanyar sarƙa ita ce wadda muka gani: ƙwari ya kai mu ga iska, iska ta kai mu ga leda. Ita ta fi dacewa da bayanin dalili da sakamako, ko matakan wani aiki. Haɗarinta shi ne tana iya ɗauke ka ta kai ka nesa da jigo.

Hanya ta biyu ita ce riƙe batu guda a farkon kowace jimla, ana ta ƙara sabo a ƙarshe: "Buhun yana ɗaukar wake busasshe kawai. Ba ya son a jingina shi da bango inda ɓera zai kai gare shi. Yana iya yin shekara fiye da ɗaya ana amfani da shi, muddin ledar ba ta huje ba." Ta dace da siffanta abu ko mutum. Idan ta wuce jimla huɗu ko biyar ba canji, sai ta fara gundura.

Ta uku ita ce a faɗi babban abu, sannan kowace jimla ta ɗauki ɓangare guda: "Buhun yana da sassa uku. Ledar ciki ita ke riƙe waken. Ta tsakiya tana tare iska idan ta cikin ta sami matsala. Na waje kuwa, na ɗauka ne da kariya." Ka lura ba a taɓa ambaton "ta tsakiya" ba kafin nan, amma ba ta zo a baƙuwa ba, domin "sassa uku" ya riga ya buɗe mata hanya. Sharaɗin shi ne ka bi su a jerin da ka yi alkawari, kuma idan ka ce uku ka kawo uku. Sakin layi mai kyau yakan gauraya biyu daga cikin hanyoyin nan.

Na cika rubutuna da "haka kuma", "bugu da ƙari", "har ila yau", amma an ce bai haɗu ba. Ina matsalar?

Kalmar haɗi ba ta ƙirƙiro dangantaka, suna kawai take ba wadda ke nan. Ukun da ka ambata duka abu guda suke cewa: ga wani kuma. Idan su kaɗai ke tsakanin jimlolinka, to jeri ka rubuta, ba bayani ba. Tun 1976 Michael Halliday da Ruqaiya Hasan suka kasa kalmomin haɗi gida huɗu, kuma rabon yana da amfani gare mu: na ƙari (kuma, har ma, bugu da ƙari), na saɓani (amma, sai dai, duk da haka, alhali), na dalili (domin, saboda haka, shi ya sa), da na lokaci (sai, sannan, daga nan, bayan haka).

Hanyar gyara ita ce ka goge su duka daga sakin layin, ka karanta jimla biyu biyu, ka tambayi kanka mene ne tsakaninsu. Idan ta biyu sakamakon ta farko ce, sa "shi ya sa" ko "saboda haka". Idan ta saɓa wa abin da mai karatu zai zata, sa "amma". Idan ta rage wa ta farko ƙarfi ne kawai ba ta rushe ta ba, "sai dai" ta fi dacewa: "Buhun yana kare wake, sai dai dole waken ya bushe sosai kafin a zuba." Idan ba ka iya faɗin abin da ke tsakaninsu ba, matsalar ba ta kalma ba ce: ko wata jimla ta ɓace a tsakani, ko ɗaya daga cikinsu ba nan ne wurinta ba. Idan kuma jerin sananne da sabo ya riga ya haɗa su, bar wurin haka nan.

Biyu ne suka fi yin ɓarna. "Saboda haka" da aka sa inda ba dalili tana sa mai karatu ya daina yarda da kai: "Damagaram tana da ƙarancin ruwa, saboda haka ya kamata a koya wa yara karatu da Hausa." Ba abin da ya haɗa su, kalmar ta yi ƙarya. Ɗayar ita ce "sai". A labari ita ce ƙashin baya, amma a rubutun bayani takan ɓoye ko abu na biyu ya biyo na farko ne kawai ko kuwa na farkon ne ya jawo shi. Inda bambancin ke da muhimmanci, kamar a rahoton asarar kaya, zaɓi "bayan haka" ko "shi ya sa", ka faɗi wanda kake nufi.

A makaranta an hana mu maimaita kalma. In canza ta kowane lokaci?

Wannan horo daga darasin insha'in Faransanci ya zo, inda ake ɗaukar maimaici a matsayin aibi. A rubutun bayani, manyan kalmomin jigo maimaita su ake yi. Idan ka ce "ƙungiya" a jimla ta farko, "kwamiti" a ta biyu, "hukuma" a ta uku, mai karatu zai ƙirga abu uku. Abin da za ka guje wa shi ne maimaita kalmomin cika wuri, irin su "ƙwarai", "sosai", "lallai".

Wakilin suna kuwa, ya da ta da su, yana aiki ne idan mutum ɗaya kawai zai iya zama shi. "Shugaban ƙungiya ya gana da mai sayar da buhuna. Ya ce kuɗin sun yi yawa." Wa ya ce? Dukansu maza ne, "ya" ta dace da kowanne. Sake faɗin sunan: "Shugaban ya ce kuɗin sun yi yawa." Haka nan "wannan" ita kaɗai a farkon jimla, bayan an faɗi abu uku, ba a san wanne take nuni ba. Ƙara mata suna mai taƙaita abin da ya wuce: wannan jinkiri, wannan asara, wannan tsari. Sunan da ka zaɓa yana ɗaure jimlar da ta baya, kuma yana nuna wa mai karatu yadda kake kallon abin.

Tsakanin sakin layi da sakin layi fa?

Ƙa'idar ɗaya ce. Rabin farko na jimlar buɗewa ya waiwayi abin da aka gama, rabi na biyu ya faɗi sabon jigo. Bayan sakin layinmu na wake, na gaba zai iya buɗewa da: "Wannan kariya tana rushewa da zarar ledar ta huje." "Wannan kariya" sananne ne, hujewar leda sabon jigo ne. Ba a bukatar "yanzu kuma bari mu juya ga".

Tsawo ba shi da doka. Jimla huɗu zuwa takwas ta ishi yawancin sakin layin bayani, wanda za a karanta a waya kuma gara ya fi haka gajarta. Inda jigo ya canza, nan ake yankewa.

Wane mataki zan bi in duba rubutuna kafin in miƙa?

Ɗauki sakin layi guda da biro mai wani launi. Fara da rubuta jigonsa a gefen takarda cikin kalma goma ko ƙasa da haka. Idan sai ka sa "da kuma" kafin ya shiga, sakin layi biyu ne ka haɗe, raba su. Daga nan ja layi ƙarƙashin kalmomi huɗu ko biyar na farkon kowace jimla, ka ja kibiya daga kowanne zuwa inda aka fara ambaton abin. Jimlar da kibiyarta ba ta sami wurin sauka ba ita ce mai matsala, kuma maganinta ɗaya ne cikin uku: juya ta sanannen ya dawo gaba, ƙara jimlar da ta ɓace kafin ita, ko cire ta. Sai bayan wannan za ka duba kalmomin haɗi, domin idan ka fara da su za su rufe maka giɓin.

A ƙarshe ba wani ya karanta maka da ƙarfi, kai kana saurare ba ka kallon takardar. Inda ya yi tuntuɓe, ko ya koma baya, ko ya ɗaga murya a inda ba ka nufa ba, sa alama. Masu rubuta abin da za a karanta a rediyo sun fi kowa bukatar wannan mataki, tun da mai sauraro ba shi da damar komawa layin baya.

Na bi duk wannan, kowace jimla ta kama ta baya, amma an ce na bar batun. Yaya haka ta faru?

Sarƙa ce ta ja ka. Duba: "Ƙwari suna ɓata wake a rumbu. Rumbun ƙasa ya fi na kara daɗewa. Kara kuwa yanzu ya yi tsada saboda masu dabbobi. Dabbobin ma ba su samun kiwo kamar da." Kowace jimla ta buɗe da sanannen abu, ba kibiyar da ta rasa wurin sauka, amma an tashi daga wake an sauka a makiyaya. Haɗin jimla da jimla abu ne daban, tsayawa kan jigo abu ne daban, kuma kibiyoyi na farkon kawai suke nunawa.

Don kama irin wannan, karanta jimlar jigo, ka tsallake kai tsaye zuwa kowace jimla ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya: wannan tana taimaka wa waccan? A misalin nan, ta biyu ma ta riga ta kauce, domin ta ɗauki "rumbu", wanda wuri ne kawai a jimlar farko, ta bar "ƙwari" da "ɓata wake" waɗanda su ne maganar. Idan jimla ta ƙare da sababbin abubuwa biyu ko uku, zaɓi wanda jigo ke bukata ka ɗora a kansa, kuma bayan kowace mahaɗa biyu ko uku ta sarƙa ka dawo da ɗaya daga kalmomin jimlar jigon zuwa farkon jimla. Maganar tsadar kara, idan tana da amfani ga rahoton, a ba ta nata sakin layin da tata jimlar jigon.